Talata: taurari nawa zan ba shi?

Da safe na kira mota ta manhaja daga Kubwa zuwa Garki a Abuja, ina da ganawa ƙarfe tara. Waya ta ce minti shida, sai da aka yi ashirin. Ina bakin ƙofa ina cika ina batsewa, direban kuma yana can layin baya yana ta kirana. Da na duba taswira, ashe ni ce na ɗora alamar a can. Na ja bakina na yi shiru.

A hanya cunkoso ya riƙe mu wajen Gwarinpa, ga esi a kashe. Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, tun da aka cire tallafin mai a 2023 esi ya zama na masu hali." Ya kunna dai da na roƙa. Abin da ya ɓata min rai shi ne waya. Sau biyu yana ɗagawa, hannu ɗaya a sitiyari, muna tsakiyar manyan motoci. Na ce, "Malam, don Allah ajiye wayar nan." Ya ajiye, bai sake ba.

Na isa tara da kwata. Ina sauka taurari biyar na ba direba maki suka fito a fuskar waya, yatsana har ya nufi na biyu. Na fasa, na bari sai na huce.

Da rana na zauna na yi lissafi a bayan takarda. A ce makinsa, wato matsakaicin taurarin da fasinjoji suka ba shi, 4.8 ne. Duk wanda ya ba shi biyar ya ɗara wannan makin da 0.2 kacal. Ni in na ba shi biyu, na gaza da 2.8, wato sai fasinja goma sha huɗu sun ba shi biyar kafin ramin da na haƙa ya cike. Ko huɗu, da nake ɗauka yabo ne, sai mutum huɗu sun biya masa bashinsa. A makaranta huɗu cikin biyar ai sakamako ne mai kyau, a nan kuwa ja baya ne. In makin ya yi ƙasa sosai, fasinjoji su riƙa soke kira da sun gani, kamfani kuma yana iya rufe masa aiki.

Sai na ware laifuffukan. Jinkirin farko nawa ne. Cunkoso ba shi ya kawo ba. Kuɗin da ya hau da safe manhaja ce ta yanke. Saura waya, wannan kam nasa ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne, rai ake magana. Da ya yi min gardama, ko ya sake ɗauka, wallahi da biyun zan ba shi har da ƙorafi a rubuce.

Bayan la'asar na ba shi huɗu, na rubuta dalili: waya a kan tuƙi. Maigida ya ce da biyar na ba shi tunda ya ji magana. Har muka ci tuwo ba mu daidaita ba.