Tabon lalle a tangaran, tabon rini a kan roba: inda na kai

'Yan uwana masu koyon ƙunshi, wata na uku ke nan da na fara zama a shagon uwar ɗakina a nan Garwa, kuma wannan makon ban zana ko fure ɗaya ba, domin aikin da ya sha mini kai shi ne gyara ɓarnar da muka yi a jajibirin wani biki. Mun kwaɓa jan lalle, mun kuma rina wa uwar amarya gashi, gajiya ta sa muka rufe shago ba mu wanke komai ba. Da gari ya waye, farin kwanon wanke hannu na tangaran ya yi jan zobe a kewayen magudana, kantar roba da muke ajiye kaya kuma ta ɗauki ɗigo huɗu na baƙin rini.

Ranar Litinin na fara da kwanon. Na wanke shi da sabulu, zoben bai motsa ba, har na ɗauko soson ƙarfe. Hajiya uwar ɗakina ta riƙe mini hannu ta ce, "'Yata, in kika kankare shi yau, gobe lalle ya sami gidan zama." Gaskiyarta, domin fuskar tangaran kamar gilashi take, ba ta shan launi, sai dai idan an ƙarce ta ko ta tsage. Da na shafa wurin da farce sai na ji kaushi, na gane cewa ba tangaran ɗin ne ya rinu ba, farin ɓawon nan ne da ruwa da sabulu suke bari idan sun bushe, shi ne ya kama launin. Na jiƙa auduga da farin binega, na lulluɓe zoben na minti 20, sannan na ɗauraye. Bayan haka na kwaɓa cokali uku na bikarbonat da cokali ɗaya na ruwa, na goge da tsumma mai laushi. Zoben ya fita gaba ɗaya, in ban da wani siririn layi inda kwanon ya daɗe da tsagewa.

Kantar ce ta ba ni wahala, kuma a nan nake so ku tsaya ku lura. Roba tana shan launi, rinin gashi kuwa yana ci gaba da yin duhu bayan an haɗa ruwansa biyu, saboda haka abin da tsumma zai ɗauke a minti biyar na farko, idan ya kwana ya riga ya shiga jikin robar. Ranar Talata na sa alkol na kantin magani a auduga ina dannawa, ba tare da na cuɗa ba, don kada tabon ya bazu. Audugar farko ta yi baƙi, ta biyu ta yi toka-toka, ta uku ta fito fes alhali tabon yana nan. Da na ga haka na san na saman ya ƙare, saura wanda ya nutse, kuma ƙarin gugawa ba zai amfana komai ba sai kashe ƙyallin kantar.

Ranar Laraba na koma ga ruwan oksijene mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, wanda ake rubuta wa 10 volumes a jikin kwalba. Na fara gwada shi a kusurwar da ke bayan madubi, na ga bai canza launin robar ba. A karon farko zafin Garwa ya busar da audugar kafin rabin sa'a, ba ta yi aikin komai ba. A karo na biyu na rufe ta da leda, na danne gefen, na bar ta sa'a guda. Sau uku na maimaita hakan cikin kwana biyu, ɗigo uku suka ɓace, na huɗu, wanda ya fi kauri, ya koma inuwa mai ruwan ƙasa da sai an sunkuya ake ganinta.

Wata abokiyar koyo ta ba ni shawarar in sa ruwan goge jan farce. Ban yarda ba, domin asiton da ke cikinsa yana narkar da fuskar wasu robobi, ya bar farin tabo wanda ba ya gyaruwa. Jabel kuwa, ruwan nan da ake faranta tufafi da shi, na ajiye shi don layin nan na kwanon kawai, murfi ɗaya a cikin murfi huɗu na ruwa, minti 10, da safar hannu, ƙofa a buɗe. Kafin in zuba shi sai da na ɗauraye kwanon sosai, saboda jabel idan ya haɗu da binega, ko da ragowar rini mai amoniya, yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ƙirji. Layin ya yi haske amma bai tafi ba.

Yanzu na shimfiɗa leda mai kauri a kan kantar, na kuma ajiye jiƙaƙƙen tsumma kusa da kwanon kwaɓi. Ɗigon na huɗu zan sake sa masa oksijene ranar Asabar, in Allah ya kai mu.