Filogin da Ya Sa Aka Sauke Kan Inji

Har yanzu in na tuna Corolla ɗin nan sai raina ya sosu. Canjin filogi kawai aka kawo ta garejinmu, aikin da ko sabon yaro ana bar masa. Uku suka fita lafiya. Na huɗun ya juya sau ɗaya, daga nan ya ƙara tauri maimakon ya saki.

A nan ya kamata in tsaya. Filogin da ya ƙi motsi tun farko daban yake da wanda ya fara fita sannan ya cije. Na biyun yana nufin tiredin, wato layukan murɗin da ke jikin filogin da na raminsa, na cin juna, ko dai baƙin hayaƙi ya daskare a bakinsa, ko wani ya taɓa ɗaura shi a karkace. Kan injin Corollar, 1ZZ-FE, kuwa alminiyam ne, filogi ƙarfe, don haka in aka yi ƙarfi-ƙarfi ramin ne zai ci wuya. Ga shi injin da zafi, mai mota yana tsaye yana duba agogo.

Oga yana can mota uku tsakaninmu. Kunya ta hana ni kiransa a kan filogi, sai na zura bututu a hannun sifana don ƙarin ƙarfi. Filogin ya fito, amma da ɓarɓashin alminiyam cike da tiredinsa. Ramin ya tashi aiki, kuma ba wanda zai rantse cewa ɓarɓashi bai faɗa cikin silinda ba. Dole aka sauke kan injin, aka kai wa masu injin gyaran ƙarfe suka dasa sabon tiredi, aka aika Ƙofar Ruwa sayen gaskit. Duk daga aljihun gareji.

Oga bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Lokacin da hannunka ya kai kan bututun nan, da ni ka kira." Wannan ta fi zagi ciwo.

Tun daga nan ba tsawon lokacin da na ɓata nake dubawa kafin in kira Oga ba. Zan iya yini ina bin wayar da ta tsinke ni kaɗai, domin duk abin da na kwance zan mayar. Amma in matakin gaba ba ya gyaruwa, irin bututu, guduma, wuta ko huda, sai Oga ya gani tukuna.

Da hakan ta sake faruwa a wata motar, ajiye sifana na yi na same shi: "Oga, filogi na biyu, ya juya sau ɗaya ya cije, injin da ɗumi, ban matsa ba." Ya sa aka bar injin ya huce sarai, ya fesa man sassauta tsatsa a ramin, ya riƙa kwancewa rubu'in juyi yana mayarwa, a hankali, har filogin ya fito tiredi lafiya lau. Mai motar dai ya yi ta ƙorafin jira.