CV ɗinka: PDF ko Word, kuma wane suna za ka sa wa fayil ɗin?

Darasin da tantance takardun masu neman aiki ke koya wa mutum shi ne, CV ba ya isa hannun mai ɗaukar ma'aikata kamar yadda ya bar hannunka. A wata kwamfuta za a buɗe shi, cikin tarin wasu.

A ce matashi daga Aboabo a Kumasi ya gama bautar ƙasa, yana neman aikin akanta. Ya je kafe an buga masa CV a Word, shafi biyu cif. Mai tantancewa ya buɗe a waya, sai ga shafi uku, shekarun aiki sun zame daga gefen sunan kamfani. Dalili kuwa, fayil ɗin Word yawanci ba ya tafiya da salon haruffansa, sunan salon kawai yake ɗauka. In an rubuta da Calibri ko Aptos, na'urar da ta buɗe ba ta da shi, sai ta sauya da wani mai faɗi daban, layuka su goce. Abin ya fi muni in da maɓallin tazara aka jera rubutun. PDF kuwa yana riƙe haruffan a cikinsa, kowane layi yana nan inda ka bar shi. Shi ya sa in sanarwa ba ta faɗi komai ba, na fi son a tura PDF.

Sai dai PDF iri biyu ne, kuma a nan ake yawan asara. Akwai wanda aka fitar daga Word kai tsaye: File, sai Save As, a zaɓi PDF. Akwai kuma wanda aka buga a takarda, aka ɗauke shi da waya ko sikana. Na biyun hoto ne kawai. Manyan kamfanoni da yawa suna da manhajar da ke tsinto suna, lambar waya da gogewa daga cikin CV, kuma sau da yawa ba ta iya karanta hoto. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: buɗe fayil ɗin, danna `Ctrl+A`, sai `Ctrl+C`, ka liƙa a Notepad. In rubutu ya fito a jere, lafiya lau. In babu komai, hoto ne. In ya fito a hargitse, ginshiƙai biyu ko akwatunan rubutu ne suka jawo, sai ka mayar da shi ginshiƙi ɗaya. Ga nauyi kuma: CV mai shafi biyu da aka fitar daga Word da wuya ya kai rabin megabait, na hoto kuwa yana iya wuce iyakar da shafin neman aiki ya sa, ya ƙi hawa.

Word na da wurinsa. In sanarwa ta ce `.docx`, tura shi, kada ka yi musu. Kamfanonin da ke nemo wa wasu kamfanoni ma'aikata sukan so shi don su cire lambarka su sa tambarinsu. Amma kafin ka tura, shiga File, Info, Check for Issues, Inspect Document, don ka goge bayanan da ke ɓoye a fayil ɗin. CV da aka ara daga wurin yaya ko aboki aka gyara yakan ɗauko sunan mai shi na asali a matsayin marubuci, wani lokaci har da gyare-gyaren Track Changes a fili.

Batun suna ne ya fi damu na, don gyaransa kyauta ne amma ana sakaci da shi. Mai tantancewa yana sauke fayiloli a wuri ɗaya, sai su zama `CV.pdf`, `CV (1).pdf`, `CV (2).pdf`. Bayan mako biyu manaja ya ce a kawo na yaron nan na Aboabo, sai a rubuta sunansa a wurin bincike, babu abin da zai fito. Ga tsarin da ke aiki:

```
Suna-SunanMahaifi-CV-Accounts-Officer.pdf
```

Sunanka ne a gaba, domin a waya ƙarshen dogon sunan fayil yakan ɓuya. Rubuta shi daidai yadda yake a Ghana Card da takardun makaranta. Wannan ya shafe mu 'yan Zango ƙwarai: a gida kai Isa ne ko Muhammadu, a takarda kuma Issah ko Mohammed, kuma da na takarda za a neme ka. Kada ka sa haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, a sunan fayil, don wasu shafukan sukan mayar da su alamomin da ba a ganewa. Windows ba ta yarda da `/` ko `:` ko `?` a suna, saboda haka in za ka sa kwanan wata, rubuta kamar `2025-03`. Kalmomi irin su `final` da `new` ka bar su a kwafin da ke wurinka.

Wasiƙar neman aikin ma ta bi tsari ɗaya, a sa `Cover-Letter` a gurbin `CV`, don su zauna kusa da juna in an jera. In kuwa sanarwar ta ba da lambar gurbi ko nata tsarin suna, shi za ka bi harafi da harafi. Daga nan ka tura wa kanka ta imel, ka buɗe a waya, ka duba ko fayil ɗin da ka liƙa na wannan gurbin ne ba na wanda ka nema makon jiya ba.