Turare da sabulu, wa zai hau kantar gaba

Yau ruwa ya hana kasuwa a Agege, tun safe ake zuba shi, sai na ce bari in zauna da littafin shago tunda dama Kawu ya dame ni da maganar kantar gaba, shi turare yake so a ƙara wa waje wai shi ne mai riba, sabulu da omo a tura su baya.

Lissafin da na bi shi ne wanda 'yan boko ke kira GMROI. Ribar da kaya suka kawo a shekara, wato ciniki a cire kuɗin saro, sai ka raba ta da kuɗin da ke kwance a cikin kayan. Kuɗin da ke kwancen nan a farashin saro ake ƙirga shi ba na sayarwa ba, kuma ba ƙirgen rana ɗaya ba, na farkon kowane wata zaka haɗa ka fitar da matsakaici, don in ka ɗauki na bayan sallah kawai lokacin da kanta ta yi fayau, lambar za ta yi maka kyan ƙarya.

Turare mun yi cinikin miliyan 1.5, riba dubu 600, kashi 40 cikin ɗari kenan, abin da ke burge Kawu. Amma kullum akwai kayan miliyan 1.2 zaune, wasu kwalaben tun bara suke shan ƙura. Ka raba, 0.5. Kowace naira ta haifi kwabo 50 a shekara guda cur. Sabulu da omo kuwa ribarsu kashi 10 ce kacal, amma cinikin ya kai miliyan 6, riba dubu 600 dai ita ma, kuma abin da ke kwance bai wuce dubu 300 ba saboda kwali na shigowa yake fita. Lambarsu 2.

Na nuna masa, ya gyara hula ya ce “To kai ɗan nan, a daina turaren kenan?” Na ce a'a Kawu, kala biyar ne ke tafiya, sauran a karya farashi su fita, kar a sake saro su. In kuɗin da ke kwance ya sauko dubu 400, ko ribar ta ragu zuwa dubu 500 lambar ta haura 1.

Abu ɗaya dai na ja masa kunne, wannan ribar ba a cire haya da kuɗin motar ɗauko kaya daga kasuwar Trade Fair ba, kuma omo cin waje gare shi, kwali goma sun cinye inda kwalba ɗari za ta zauna. Shi ya sa rabin kantar gaba kawai muka ba su, sauran kwalayen suna sito. Gobe in ruwa ya bari zan yi na man shafawa, shi ma ina zarginsa.