Idan kawu ya samo maka aikin da ba za ka iya karɓa ba

Kalmar da ta fi haɗa matasa rigima da manyansu a kan maganar aiki ita ce "to". Kawu ya kira ka ya ce, "Na yi magana da Alhaji, ka je ka same shi a mangaza ranar Litinin." Kai kuma nauyinsa ya kama ka, ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Kawu, in sha Allahu." A zuciyarka ladabi kawai ka yi. A kunnensa kuwa magana ta ƙare, kuma kafin magariba ya riga ya buga wa Alhaji waya ya ce yaro na nan tafe. Na faɗi irin wannan "to" ɗin ina matashi, na bi ta da ɓuya, na kuma ga abin da ta ɓata. Shi ya sa nake so ƙannena su san inda ramin yake.

Kafin ka buɗe baki, ka gane abin da dattijon ya kashe. A Maradi, ɗan kasuwa ba ya miƙa wa baƙon ido makullin mangaza da littafin lissafi don takardar makaranta kawai. Yana miƙawa ne don wani da yake jin nauyinsa ya tsaya wa yaron. Ke nan kawunka ya je ya ari fuska, ya ce "ɗana ne, na yarda da shi", kuma in ka yi ɓarna shi za a fara kira. Ta yiwu ma Alhajin ya sallami wani mai nema saboda kai. Don haka ku uku ne a cikin maganar, kuma wanda zai fi jin kunya in ka janye shi ne na tsakiya. Duk dabarar ƙin karɓa tana komawa ga tambaya guda: da wace magana kawu zai koma wurin Alhaji ba tare da ya muzanta ba?

Bari mu ɗauki misali. Saurayi ya gama Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, yana sitaj na wata 6 a wani wurin da ke daidai da abin da ya karanta, ya yi wata 2, saura 4, kuma sai ya kammala za a ba shi takardar shaida. Abin da ake ba shi bai wuce kuɗin mai ba. Ƙanen mahaifiyarsa ya samo masa aikin riƙe lissafi a mangazar wani Alhaji kusa da babbar kasuwa, albashi jika 60 a wata, a fara Litinin. Yaron ya auna, ya ga in ya bar sitaj yanzu wata biyun sun tafi a banza.

A zaman farko kada ya amsa, kada kuma ya ƙi. Ya yi godiya sosai, sannan ya roƙi lokaci mai iyaka: "Kawu, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ina roƙon ka ba ni zuwa Juma'a in shawarci Baba, in kuma duba maganar wurin da nake sitaj. Don Allah kada a tsayar da magana da Alhaji sai na dawo." Jimlar ƙarshen nan ita ce mai aiki, domin ita ce ke hana kawu ɗaure kansa da alkawari. Kwana 2 ko 3 sun isa. In aka kai mako, Alhaji zai fara tambaya, kawu kuma zai fara ba da uzuri a madadinka, kuma kowane uzurin da ya bayar ƙarin kunya ne gare shi ranar da gaskiya ta fito. Wasu kan ce "zan yi istihara". Magana ce mai kyau ga wanda zai yi ta da gaske. Wanda ya mai da ita mafaka ya haɗa ƙarya da ibada.

A cikin kwanakin nan ya fara da mahaifinsa da mahaifiyarsa. Kuskure ne su ji daga bakin kawu, musamman uwa, tunda ɗan'uwanta ne, kuma ita za a kai wa ƙorafi. In sun fahimta, an sami masu sassauta magana ta bayan fage. Amma kada ya tura su su ƙi masa. Wanda aka nema wa aiki ya isa ya kai amsa da bakinsa. Ƴa mace kan iya tafiya da innarta ko yayarta in al'adar gidan haka take, sai dai ita ma muryarta ya kamata a ji.

Ranar kai amsa, ƙafa ake sawa. Zumunta a ƙafa take, kuma saƙon murya na WhatsApp ga wanda ya tashi takanas ya nema maka abinci raini ne, ko da kalaman sun yi daɗi. In dattijon yana Yamai ko Katsina, a kira shi kai tsaye, a fara da tambayar ko yana da sarari. In yana gari, a same shi a gida bayan la'asar ko bayan isha'i, shi kaɗai. Kada a tare shi a ƙofar masallaci ko a bakin shago cikin abokansa. Babban da aka ƙi maganarsa a gaban tsaransa dole ya nuna fushi ko da bai ji shi ba, domin idanu na kansa.

Bayan an gaisa an tambayi iyali, sai a shiga magana, kuma tsarinta yana da muhimmanci. Godiya ce farko, mai ambaton ainihin abin da ya yi: "Kawu, na san ba ƙaramin abu ba ne ka je ka yi magana a kaina, ka ce ka yarda da ni." Daga nan sai amsar, a fili, ba kwana-kwana: "Na duba, na kuma shawarci Baba, ba zan iya fara aikin nan ba." Sai dalili guda ɗaya: "Na ɗauki alkawarin wata 6 a wurin da nake, saura 4, kuma sai na cika za su ba ni takarda. In na bar su yau, gobe ma Alhaji ba zai amince da ni ba."

A nan na fi yin tuntuɓe, don haka zan daɗe a kai. Mai jin kunya yakan tara dalilai da yawa, yana ganin yawansu zai sa a tausaya masa. Dattijo kuwa mai warware matsala ne, duk dalilin da ka ba shi zai ɗauke shi a matsayin aikin da aka ba shi. Ka ce wurin ya yi nisa da unguwar Ali Dan Sofo, ya ce zai sa a ba ka babur. Ka ce jika 60 sun yi kaɗan, ya koma ya roƙi Alhaji ya mai da su 75, wato ya ci bashin fuska karo na biyu, kuma yanzu ƙin ya fi na farko muni. Saboda haka ka auna dalilinka tun a gida da wannan tambaya: in kawu ya kawar da shi, zan karɓi aikin? In amsar a'a ce, wannan ba shi ne dalilinka ba, kada ka faɗe shi. Ka nemo na gaskiyar, wanda ya shafe ka kai kanka, ka tsaya a kansa.

Akwai dalilan da ko gaskiya ne ba a ɗora magana a kansu. Kada ka ce aikin bai kai karatunka ba. A garin da fatauci ya gina gidaje ya kai mutane Makka, wannan zagi ne ga kawu da Alhaji baki ɗaya. Kada ka kawo jita-jitar da ka ji a kan halin Alhajin, domin abokinsa ne ko maigidansa, kuma magana ba ta kwana wuri ɗaya. In da gaske abin da ya hana ka shi ne tsoron haram ko cuta a harkar, ka gaya wa mahaifinka, shi ya san yadda zai taɓa maganar da surukinsa. Ƙarya kuwa, irin "an kira ni aiki Yamai", ba ta wuce mako biyu a Maradi. Za a gan ka.

Kada ka tashi sai ka sauke masa nauyin Alhaji. Ka ce, "Kawu, in ka ga ya dace, mu je tare in ba Alhaji haƙuri da bakina, ko ka ba ni izini in je ni kaɗai." Sau da yawa zai ce bar shi, zan gaya masa. Ko da haka ne, ka ba shi maganar da zai ɗauka ba kunya: yaron yana da alkawari a hannu, bai so ya saɓa. Wannan magana ce da ke ƙara wa mai kai ta daraja. Kada ka yi saurin cewa "ina da aboki da zai iya". Kujerar ba taka ba ce, fuskar da aka ara ma ba taka ba ce. In shi ya tambaya, sai ka ambaci wanda kai ma za ka iya tsaya masa.

Zai iya yin faɗa. Zai iya tuna maka cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ka saurara har ya gama, kada ka katse shi, kada ka ƙaro sabon dalili. "Gaskiya ne, Kawu, a yi mini haƙuri, a sa mini albarka" ta isa. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka karye a nan ka ce to, sannan ka je ka yi kwana goma ka gudu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya ƙi tun farko ya sa kawunsa ba da haƙuri sau ɗaya. Wanda ya shiga ya fice ya sa ba za a ƙara karɓar yaro daga hannun kawun ba, har ƴaƴan cikinsa.

Shawara zalla, wadda ba a sa mutum na uku a ciki ba, ta fi sauƙi. In babba ya ce ka bar karatu ka kama kasuwa, ko kada ka tafi wani gari, ba dole ne ka yanke hukunci a gabansa ba. Ka tambaye shi abin da ya gani, domin sau da yawa akwai haɗarin da ka manta. Ka ɗauki abin da za ka iya, kuma kafin ka aikata saɓanin maganarsa ka koma ka sanar da shi, kada ya ji a bakin mutane.

Butulci ba a ranar ƙi aka fi ganinsa ba, a watannin da ke biye ne. Kunya takan sa matashi ya ɗauke ƙafa daga gidan, dattijo kuma ya fassara hakan da cewa dama don amfani ake zuwa. Ka koma gaisuwa cikin mako guda, ba da wata buƙata ba. In ka gama sitaj, ka kai masa takardar ya gani, ya sa albarka. Alamun cewa ransa bai huce ba a bayyane suke: gaisuwa ta gajarta, ya daina aikenka, ya daina tambayar inda aka kwana a maganar aikinka, saƙonsa ya koma biyowa ta wurin mahaifiyarka. In ka ga haka har wata ya wuce, ka nemi wanda yake jin maganarsa, yayansa ko amininsa ko limamin unguwa, ya raka ka. A wannan zaman ba a sake buɗe maganar aikin ko kare kai. Haƙuri kawai ake bayarwa, a gaisa, a tashi, sannan ka dawo kai kaɗai ranar Juma'a mai zuwa.