Da wane farashin dala za ka lissafa kayan da ka yi oda?

Ƙannena masu fara odar kaya daga waje, ranar da mai kamfani ya turo maka takardar kuɗin kaya da dala, abin da ya fi sauƙi shi ne ka duba waya ka ga farashin dala na ranar, ka ninka, ka ce kayan nan naira kaza ne. Mu da muka riga ku shiga harkar mun san cewa daga nan asara take farawa, tun kaya ba su bar masana'anta ba. Farashin da ya dace ka yi lissafi da shi ɗaya ne tak, wato wanda za ka sayi dalar da shi a zahiri, a ranar da za ka saye ta.

Mu ɗauki misali. Alƙaluman nan duka na misali ne, kada ka ɗauke su a matsayin farashin yau. Wani kamfani a Guangzhou ya turo maka takarda ta dala 12,000 kan katan 400, kowane katan dala 30. Farashin da aka wallafa na kasuwar hukuma naira 1,500 ne. Bankinka zai sayar maka a 1,520, domin shi ma yana ɗora nasa. Ɗan canji a Wapa yana saya a 1,560, yana sayarwa a 1,580.

Idan ka ninka da 1,500, za ka sami naira miliyan 18, katan ɗaya ya kama 45,000. Amma babu mai ba ka dala a wannan farashin, alƙalami ne na cinikin da manyan dillalai suka yi a tsakaninsu. Ta banki kuɗin zai kama 18,240,000. A wurin ɗan canji kuwa 18,960,000 ne, katan ɗaya 47,400. To, ka ce ka yi wa abokan ciniki a Kwari ko Singa alkawarin katan a 48,000, kana ganin ribar 3,000. In a Wapa ka sayi dalar, 600 ce ta rage maka, kuma ba a yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan ba tukuna.

Ka lura da farashi biyun ɗan canji. Idan ka buga waya ka ce "nawa dala yau?", wani zai faɗa maka wanda yake saya da shi. Kai mai saye ne, na saman ne naka. Ka tambaya a fili: "Alhaji, nawa za ka sayar mini da dala dubu goma sha biyu, kuma tsaba ce ko ta asusu?" Dalar hannu da dalar da za a tura ta asusu ba kullum farashinsu yake ɗaya ba, kuma mai kamfani a China ta asusu yake jira.

Kafin ka ɗauki farashin banki, ka tabbata kana da hanyar samunsa. Banki ba ya sayar da dalar shigo da kaya da fatar baki. Sai ka buɗe Form M, wato takardar rajistar shigo da kaya da ake cikewa ta banki, ka kawo takardar farko da mai kamfani ya turo, da lambar haraji, da takardar inshora, da izinin hukumar da kayan suka shafa, kamar SON ko NAFDAC. Ko ka cika komai, farashin da zai hau kanka shi ne na ranar da aka sami dalar aka cire maka kuɗi, ba na ranar da ka miƙa takardu ba. Wanda ya yi kasuwanci a ƙarshen 2022 ya san wannan darasi da kyau: farashin hukuma yana wajen naira 450, na bayan fage ya haura 700, masu jira a banki suna shafe watanni. Duk wanda ya sa wa kayansa farashi da 450 sannan ya ƙare a hannun 'yan canji, uwar kuɗinsa ya ci. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashinsa wuri guda ya bar kasuwa ta yi aikinta, don haka tazarar takan ragu sosai a wasu lokuta. Ta ragu, amma naira 60 a kan dala 12,000 ai 720,000 ce.

Inda lissafi ya fi kuɓuce wa mutane shi ne biyan kuɗi kashi biyu. Yawancin masana'antu suna karɓar kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, sauran kashi 70 kafin a loda kaya. A misalinmu kafin alƙalami dala 3,600 ne, ka saya a 1,580, ka biya 5,688,000. Bayan mako shida an gama kaya, dala ta koma 1,640. Cikon dala 8,400 ya ci 13,776,000. Jimilla 19,464,000. Raba da 12,000, sai ka ga dalarka ta tsaya maka a 1,622. Kada ka haɗa 1,580 da 1,640 ka raba biyu ka ce 1,610, domin kaso mafi girma a farashi mai tsada ka biya shi, kuma wannan ɗan bambanci ya ɓoye naira 144,000. Yanzu katan ya kama 48,660, wato alkawarin 48,000 da ka yi ya zama asara tun kaya suna teku.

Maganin wannan, a ganina, shi ne kada ka riƙe kuɗin ciko a naira in kana da halin sayen dalar tun ranar kafin alƙalami ka ajiye a asusunka na dala. Eh, dala tana iya sauka ka ji kamar ka yi gaggawa. Amma kai ɗan kasuwar kaya ne, ribarka a kan katan take, sanin ainihin kuɗin kaya ya fi maka amfani a kan cacar farashi. In babu hali, to kada ka yanke wa kowa farashin naira kafin ka biya ciko.

Akwai kuma kuɗin tura kuɗi. A takardar tura kuɗi ta banki za ka ga zaɓi uku na wanda zai ɗauki cajin turawa, OUR da SHA da BEN, wato kai, ko ku raba, ko mai karɓa. Idan ka zaɓi SHA, bankunan da ke tsakani suna cire nasu daga cikin kuɗin, sai ka tura 8,400 mai kamfani ya ce 8,370 ya gani, ya riƙe takardun kaya har ka cika. Da OUR kai ne kake ɗaukar cajin, kuɗin mai kamfani su isa cif. Duk abin da aka caje ka, ka ƙara shi a kan jimillar naira kafin ka raba da yawan katan. Kuma ka karɓi shaidar SWIFT, wato takardar banki mai nuna an tura kuɗin, ka duba cewa sunan da ke asusun ya yi daidai da sunan kamfanin da ke kan takardar. Idan ɗan canji ne zai tura ta hannun wani nasa a waje, ka sa mai kamfani ya tabbatar a rubuce cewa ya karɓi kuɗin a madadin takardarka, da lambarta.

Kwastan ba ruwansu da farashin da ka saya a Wapa. Suna da nasu farashin canji da suke bi daga na hukuma, kuma suna ɗora haraji a kan kuɗin kaya haɗe da na jirgi da inshora, abin da takardu suke kira CIF. Saboda haka takarda ɗaya za ka juya ta sau biyu: da farashin da ka biya don sanin kuɗin kaya, da na kwastan don sanin haraji. Ka sa wakilinka a tashar jiragen ruwa ya nuna maka farashin da aka yi amfani da shi a takardar ƙiyasin harajin, kada ka karɓi jimilla kawai.

Ranar da kaya suka iso shago, ka sake tambayar dala. Littafinka zai ci gaba da cewa 1,622, domin shi ka biya. Amma idan ta kai 1,700, sake odar katan 400 zai ci 20,400,000, wato katan ɗaya 51,000. Ka sayar a 50,000, littafi zai nuna riba, amma miliyan 20 da ka tara katan 392 kawai za ta sayo maka. Farashin sayarwa daga 51,000 zai fara, sannan ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da na dako, sannan ribarka.