Canza tufafi a hoto ba tare da an canza mai hoton ba

Duk wanda ya zauna a teburin editin na situdiyo a Katsina cikin goman ƙarshe na azumi ya san irin aikin da ke shigowa: hoto ɗaya na waya, a sa wa mai shi shadda ko leshi, a buga babba kafin hawan Sallah. Tunda na bar teburin, gara in rubuta wa waɗanda suka rage abin da ya fi jawo rigima a wannan aiki, domin laifin da ake ɗora wa yaran shago galibi ba nasu ba ne.

A shagon da nake magana, maigida ya kafa doka: a saka hoton gaba ɗaya a injin AI mai zana hoto, a rubuta masa irin kayan da ake so, a ƙara da cewa kada ya taɓa fuska. Wai hakan ya fi sauri. Da wannan hanya aka yi hoton wata amarya, baƙa mai wushirya da 'yar tsaga a kumatu. Leshin ya fito tsaf, amma tsagar ta ɓace, fatar ta yi haske, hancin ya ɗan tsuke. Gwaggonta ce ta dawo da firam ɗin, ta ce wannan ba 'yarsu ba ce. Yaron da ya danna maɓalli aka zaftare wa kuɗin bugun, wanda ya kafa dokar kuwa bai ce uffan ba.

Abin da ya faru lissafi ne, ba sakaci ba. Injin, wato Stable Diffusion, ba ya aiki a kan fiksel ɗin hoto kai tsaye. Wani sashe nasa da ake kira VAE yana matse hoton sau takwas a tsaye, sau takwas a kwance, ta yadda kowane murabba'i mai fiksel 8 sau 8 zai koma ɗigo ɗaya. A wannan matsattsen hoton ake yin zanen, sannan a sake buɗe shi. Hoton amaryar 3000 sau 4000 ne, fuskarta ta ci faɗin fiksel kusan 400. Da aka rage shi zuwa 768 sau 1024 don ya shiga injin, fuskar ta koma kusan fiksel 100, wato ɗigo 13 kacal a matse. Ido ɗaya bai wuce ɗigo biyu ko uku ba, tsagar kuwa ko ɗigo ɗaya ba ta cika ba. Idan aka zo buɗewa, injin yana cike abin da ya ɓace da irin fuskokin da ya saba gani, kuma cikinsu masu tsagar gado ba su da yawa. Ko an sa Denoising strength, wato ma'aunin yawan canjin da injin zai yi wa hoto, a ƙasa sosai, matsewa da buɗewar kaɗai sun isa su goge ƙananan alamomi. Rubuta masa cewa ya bar fuska yadda take ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar a bakin ƙofa. Haka ma riƙe lambar Seed ɗaya, wato lambar da injin ke fara zane daga kanta: tana maimaita abin da injin ya zana ne, ba ta tsare fuskar mutumin gaske.

Saboda haka fuskar da abokin ciniki zai karɓa dole ta zama fiksel ɗin hotonsa na asali, ba wadda injin ya kwaikwaya ba. A manhajar AUTOMATIC1111 da ake sarrafa Stable Diffusion da ita a shiga Inpaint, a shafa maski, wato alamar wurin da za a canza, a kan tufafin kawai, a zaɓi Only masked a ƙarƙashin Inpaint area. Da haka manhajar za ta yanko kewayen maskin, ta yi aiki a kansa, ta manna shi a kan asalin hoton da girmansa. Only masked padding yana zuwa a 32, wanda ya yi kaɗan ga babban hoto. A ɗaga shi zuwa 128 ko fiye, don injin ya ga wuya da haɓa da bango, ya san daga ina haske yake zuwa. A kashe Restore faces. GFPGAN da CodeFormer da yake aiki da su an yi su ne don gyara lalatattun fuskoki, kuma a wurinsu tsaga, tabon sallah da kaurin kwalli duk lalacewa ce. In an girka ADetailer, shi ma a kashe shi, domin aikinsa ya nemo fuska da kansa ya sake zana ta.

Masu aiki da manhajar ComfyUI maimakon AUTOMATIC1111 su fi kowa lura. Can abin da ya fito daga VAE Decode duka hoton ne ya bi ta matsewar, har wuraren da maski bai taɓa ba. Da ido za ka ga kamar fuskar tana nan, amma an sake ta. Sai an ƙara ImageCompositeMasked a ƙarshe, asalin hoto a destination, sabon a source, da maskin, kafin a ce an gama. Wanda ya fi son yi da hannu, muddin hotunan uku girmansu ɗaya ne, ImageMagick zai yi masa, farin maski shi ne inda sabon zai bayyana:

```
magick asali.png sabo.png maski.png -composite karshe.png
```

Haka ake yi wa manhajojin nan da ake rubuta musu umarni kawai babu maski. Suna sake zana hoton duka a kowane zagaye, kuma in aka yi zagaye uku a jere, kowane yana gini ne a kan kuskuren na baya. A karɓi rigarsu, a daidaita ta a kan asali, a yar da fuskarsu.

Wannan ɓangaren mai sauƙi ne. Wahalar tana kan iyaka, inda riga ta haɗu da mutum.

A hoton amaryar tsohuwar rigar atamfa ce ja mai rufaffen wuya, leshin da aka nema fari ne mai ɗan buɗaɗɗen wuya. Ke nan akwai fatar da ba ta cikin hoton kwata-kwata, dole injin ya ƙirƙiro ta, kuma ya fi karkata ga fitar da ita da haske fiye da ta mai hoton. Kalmomin yabon kyau da santsin fata da yara ke kwafowa cikin umarni suna ƙara tura shi can, a cire su, a siffanta yadin da ɗinkin kawai. Sannan kada a yarda da ido, domin kusa da farin leshi kowace fata duhu take yi wa mai kallo. A Photoshop a ɗauki Color Sampler, a sa Sample Size a 11 by 11 Average, a dasa ɗigo ɗaya a kumatu inda babu ƙyalli, ɗaya a tsohon wuyan da ba a taɓa ba, ɗaya a sabuwar fatar, a karanta su a Lab. A ce kumatu ya ba da 38 a L, wato lambar haske, tsohon wuya 33 saboda inuwar haɓa. In sabuwar fatar ta ba da 45, an ɗora kan wata a jikin wata. A sauke ta da Curves a leyarta ita kaɗai har ta zauna kusa da 33 ɗin, a duba lambobin launi na a da b su ma, domin fatar injin takan yi ja-ja ko ruwan lemo ko da haskenta ya daidaita. Ra'ayina dai, in ana iya zaɓen ɗinkin da zai rufe abin da tsohon ya rufe, a zaɓe shi. Ya fi sauƙi, kuma babu mai zuwa ya tambayi wa ya ce a buɗe wa 'yarsa wuya.

Akwai kuma jan da tsohuwar atamfar ta haska a ƙarƙashin haɓa. Yana nan a asalin fiksel ɗin, kuma a kan farin leshi zai fito kamar ƙuna. Nan ne kaɗai nake yarda a taɓa fatar asali: a rage jan da Hue/Saturation da lallausan burushi, iyakar ƙasan haɓa, kada a hau kumatu.

Kitso ma yana da nasa. Kalaba ce a kanta, jelar ta sauko kan kafaɗa ta kwanta a kan rigar. Yankin ƙirjin da aka yanko ya kai faɗin fiksel 2000, aka rage shi zuwa 1024, don haka ɗigo ɗaya na injin ya zama kusan fiksel 16 na asali. Silin kitson da faɗinsa bai wuce 12 ba, duk yadda ka lallaɓa ka kewaye shi da maski, injin ba zai iya rarrabe shi da yadi ba. Ko ya narkar da shi cikin leshin, ko ya mayar da shi sakakken gashi mai santsi irin na attach. Kewayewar ɓata lokaci ce. A yanke jelar daga asalin hoto zuwa leyarta tun farko, a shafa maski a kan kafaɗar duka har da gashin, a bar injin ya ɗinka rigarsa, sannan a dawo da jelar a kai. Abu biyu suka rage bayan haka: a goge jan atamfar da ya maƙale a gefen silin, a kuma sa siririyar inuwa a ƙarƙashinsa, in ba haka ba kitson zai yi kamar yana shawagi. Haka ake yi wa sarƙa, 'yan kunne masu tsawo, bakin gyale da gemun da ya sauko kan wuyan kaftani. Hannu mai lalle kuwa kada ya shiga maski ko kaɗan. Zanen da ya ɓace ba ya dawowa, kuma amarya ta san zanenta.

Gefen maskin a bar shi ya tsaya 'yan fiksel kafin haɓa da kunne, domin Mask blur yana yaɗuwa ciki da waje. A gefen bango kuma akasin haka: in babbar riga za a sa wa wanda ke sanye da ƙaramar riga, sai maskin ya fita sosai cikin bango, in ba haka ba za ta fito a ɗame kamar ta aro.

Kafin a kai wa mai bugu, a gwada. A ɗora sabon a kan asali a sa leyar a Difference, ko a yi haka:

```
magick asali.png karshe.png -compose difference -composite -evaluate multiply 10 bambanci.png
```

Ninkawa goma ɗin don ƙaramin bambanci ya fito ne. Fuska, hula ko ɗankwali da hannuwa su zama baƙi ƙirin, in ban da ƙasan haɓar da aka gyara da gangan. In ka ga inuwar ido ko layin leɓe yana leƙowa, fuskar ta bi ta injin, a koma a sake mannawa. Gwajin bai kai minti ɗaya ba, kuma da an yarda a riƙa yin sa, da firam ɗin nan bai dawo ba. An ce babu lokaci.

Sauran ƙanana ne. Denoising strength na 0.4 launi kawai yake ɗan juyawa, sabon ɗinki yana son 0.75 zuwa sama. In tsohon jan yana ɓullowa cikin farin, a fara shafa farin fenti a kan rigar da hannu kafin a saka. A ajiye aiki a PNG tsakanin mataki da mataki, JPEG sai a ƙarshe. A roƙi abokin ciniki ya turo hoton a WhatsApp a matsayin Document, domin wanda aka turo kai tsaye an riga an matse shi. Hoton da ba mai shi ne ya kawo ba, ko ba da saninsa ba, musamman na mace, ba a canza masa kaya ko nawa aka biya.